Launin Barci da Launin Karatu: Abin da Bangon Ɗakin Yaro ke Iyawa a Boɗinga da Shagari

Duk wanda ya bi hanyar da ta fita daga Sakkwato ta ratsa Boɗinga ta nufi Shagari zai ga yadda gidajen bulo da rufin kwano ke ta tsirowa a gefen tsofaffin gidajen ƙasa. Malaman makaranta ne ke gina su, da ma'aikatan lafiya, da na ƙaramar hukuma, da 'yan kasuwa. Da yawa daga cikinsu sun fara ware wa yara ɗakinsu daban, abin da bai zama ruwan dare ba a zamanin iyayensu. Idan aka gama shafen siminti aka zo kan fenti, sai tambaya ta taso: wane launi za a shafa wa ɗakin?

Amsar da ke yawo a wayoyi a shirye take. Ana cewa shuɗi da kore suna kwantar da hankali, don haka su ne na wurin barci. Rawaya ko ja suna farkar da ƙwaƙwalwa, don haka su ne na wurin karatu. Maganar tana da daɗin ji, amma ba a nan gizo ke saƙa ba. Sunan launi, shuɗi ne ko rawaya, shi ne mafi ƙarancin tasiri cikin abubuwan da ke sa yaro ya yi barci ko ya natsu a kan littafi. Abin da ya fi shi nauyi shi ne yawan hasken da bango ke mayarwa, da kaifin launinsa, da irin fitilar da ke haska shi. A Boɗinga da Shagari kuwa, inda ɗaki ɗaya ke ɗaukar barci da karatu duka, inda lantarki ke zuwa ya tafi, inda zafin bazara ke haura maki 40, wannan bambanci yana da muhimmanci ga aljihun uba da idon yaro.

Daga ina maganar launi ta samo asali?

A shekarar 1979 wani mai bincike a Amurka, Alexander Schauss, ya shawo kan shugabannin wani gidan tsare sojojin ruwa a Seattle suka shafa wa ɗakin tsare mutane wani irin ruwan hoda mai kaifi. Aka ba da labarin cewa fursunoni masu tada hankali suna lafawa cikin mintuna kaɗan. Labarin ya bazu, gidajen yari da dama suka bi sahu. Amma da wasu masu bincike suka sake gwajin da tsari mai kyau a wani gidan yari na Suwizalan, suka wallafa sakamakonsu a 2015, ba su ga bambanci tsakanin waɗanda aka ajiye a ɗakin ruwan hoda da na farin ɗaki ba.

Haka lamarin yake ta ɓangaren karatu. A 2007 Andrew Elliot da abokan aikinsa sun ruwaito cewa ganin jan launi kafin jarrabawa yana rage wa ɗalibi ƙwazo. A 2009 kuma Ravi Mehta da Rui Zhu suka wallafa a mujallar Science cewa ja yana taimaka wa aikin da ke buƙatar lura da ƙananan bayanai, shuɗi kuma yana taimaka wa ƙirƙira. Ke nan launi ɗaya ya zama guba a wani bincike, ya zama magani a wani. Da aka yi ta maimaita irin waɗannan gwaje-gwaje a shekarun baya, tasirin ya yi ta ƙanƙancewa, wani lokaci ma ya ɓace. Ga shi kuma yawancinsu a kan manya aka yi su, na 'yan mintuna, a gaban takarda ko allon kwamfuta. Yaron da zai kwana ya tashi a ɗaki ɗaya shekara biyar, idonsa ya saba da bangon cikin kwanaki, lamarinsa daban ne.

Akwai dai abin da ya fi tsayuwa da ƙafarsa. Wani bincike na Patricia Valdez da Albert Mehrabian a 1994 ya nuna cewa yadda launi ke motsa zuciya ya fi dogara ga abubuwa biyu: kaifinsa da haskensa. Launi mai kaifi, wanda ya rine sosai, yana tayar da hankali ko da shuɗi ne. Launi mai sanyi wanda aka sirka da fari yana sauƙaƙa wa ido ko da daga dangin ja ya fito. Hausa ma ta san wannan rabe-rabe. Shuɗin baba da ya fito daga marina daban, shuɗin sararin samaniya da hantsi daban. Ja wur daban, ja-ja daban. Wanda ya ce wa mai fenti “shafa shuɗi don yaro ya yi barci”, sannan aka kawo masa shuɗi mai kaifi irin na ƙofar shago, ya bi sunan launi ya bar amfaninsa.

Abin da barci ke nema

Idan aka kashe fitila, duk bango launi ɗaya ne. Launin ɗaki yana aiki ne kawai a cikin awa ɗaya ko biyu kafin barci, kuma a wannan lokaci hasken da ke shiga ido shi ne ke da iko. A cikin ido akwai wasu ƙwayoyin halitta da aikinsu ba gani ba ne, auna haske suke yi su sanar da agogon jiki ko rana ce ko dare. Hasken da ya fi motsa su shi ne mai shuɗi-shuɗi. Idan sun ji shi, sai jiki ya jinkirta sakin sinadarin melatonin, wanda ke kawo jin barci. Idon ƙaramin yaro ya fi na babba barin haske ya shige. Masu bincike a Jami'ar Colorado da ke Boulder sun gwada yara goma 'yan shekara 3 zuwa 5, suka wallafa a 2018 cewa awa ɗaya ta haske mai ƙarfi kafin kwanciya ta danne wannan sinadari da kusan kashi 88 cikin ɗari. Yaran kaɗan ne, hasken kuma ya fi na ɗakin kwana ƙarfi nesa ba kusa ba, amma alƙiblar sakamakon ta yi daidai da abin da wasu bincike suka gano.

A nan ne abin mamakin yake: shuɗin da ake nema a bango don ya kawo barci, shi ne ke korar barci idan daga fitila ya fito. Yawancin ƙwan lantarki masu tsimin wuta da fitilun caji da ake sayarwa a kasuwanni farare ne fat masu ɗan shuɗi, waɗanda ake rubuta wa 6500K a jikin kwali. Wanda aka rubuta wa 2700K ko 3000K haskensa ruwan ɗorawa ne, mai kama da na fitilar ƙwai, kuma shi ya fi dacewa da lokacin kwanciya. Canza ƙwai ɗaya ya fi sake fentin ɗaki arha, ya kuma fi shi kusa da abin da ake nema.

Sai zafi. Daga Maris zuwa Mayu ɗakin kwano a ƙasar Sakkwato kan riƙe zafin rana har cikin dare, shi ya sa iyalai da yawa ke fitar da shimfiɗa tsakar gida. Babu launin cikin ɗaki da zai sauke zafin nan. Shuɗi yana iya ba ido alamar sanyi, amma ba ya taɓa ma'aunin zafi. Launin da ke rage zafi yana waje ne, a kan rufi. A birnin Ahmedabad na Indiya, inda hukuma ta ɗauki shafa farin fenti a rufin gidaje a matsayin shiri tun 2017, an ruwaito raguwar zafin cikin ɗaki da maki 2 zuwa 5. Iyakar dabarar ita ce ƙura: hazon hunturu zai dusashe farin, sai an wanke ko an sake shafawa. Duk da haka, uban da ke da kuɗin bokitin farin fenti ɗaya kacal, kuma barcin ɗansa ne damuwarsa, kwanon da ke saman ɗakin ya fi bangon cikinsa cancanta.

Abin da karatu ke nema

Ɗaya daga cikin manyan binciken da suka duba wannan fanni a kan yara shi ne na Peter Barrett da abokan aikinsa a Jami'ar Salford ta Ingila, wanda aka wallafa a 2015. Sun duba ajujuwa 153 a makarantun firamare 27, da ɗalibai 3,766. Sun gano cewa tsarin aji gaba ɗaya yana bayyana kashi 16 cikin ɗari na bambancin ci gaban karatun yara a shekara. A cikin wannan kaso, haske da zafi da iska sun kwashe kusan rabi. Launi ya samu kimanin ɗaya cikin goma kawai, haske shi kaɗai ya kusa ninka shi. Kuma ba wani launi na musamman ne ya yi nasara ba. Tsaka-tsaki ne ya yi: bango mai haske, da ɗan launi a wuri guda. Ajin da ya yi fari fat ba komai, da wanda ya cika da launuka masu kaifi, duk sun gaza.

Wani ƙaramin gwaji a Jami'ar Carnegie Mellon a 2014 ya ƙara haske a kan wannan. An koyar da yara 24 'yan ajin share fage a ɗaki mai bango cike da hotuna da zane, aka kuma koyar da su a ɗakin da aka kwashe masa ado. A ɗaki mai ado sun fi waige-waige, sun kuma fi kuskure a tambayoyin da aka yi musu bayan darasi. Don haka bangon da ke gaban teburin karatu ba wurin jera kalanda da taswira da hotunan zane ba ne. Jadawalin darasi ɗaya ya isa.

Ingila ba Shagari ba ce, kuma aji ba ɗakin gida ba ne. Amma idan haske ya rinjayi launi a ƙasar da lantarki ba ya yankewa, to a garin da yaro ke dawowa daga boko ya wuce Islamiyya, bai zauna aikin gida ba sai bayan Magariba, rinjayen zai fi haka.

Ɗaki ɗaya, yara biyu

A ɗauki misalin ɗakin da aka saba ginawa, ƙafa 12 sau 12, wato kimanin mita 3.6 kowane gefe, tsayinsa mita 3, da taga ɗaya. Yara biyu ke kwana a ciki, ɗan shekara biyar da yayarsa 'yar aji shida da ke shirin jarrabawa. A silin akwai ƙwai ɗaya mai wat 9, wanda ke fitar da haske kimanin lumen 800.

Masana haske suna ba da shawarar cewa shafin da ake karantawa ya samu lukus 300 zuwa 500. Lukus shi ne ma'aunin hasken da ya sauka a kan wuri. Ƙwan silin nan, daga nisan da ya ɗan haura mita biyu, ba zai sauke wa teburin da ke ƙasansa fiye da lukus 25 zuwa 30 kai tsaye ba. Sauran hasken sai wanda bango da silin suka mayar. Farin fenti yana mayar da kusan kashi 80 cikin ɗari na hasken da ya same shi, ruwan madara kimanin 70, shuɗi mai duhu kuwa 20 ko ƙasa da haka. Idan aka yi lissafi a kan wannan ɗaki, bango ruwan madara zai ƙara wa teburin kimanin lukus 20, shuɗi mai duhu kuma kimanin 6. Ke nan wanda ya rina ɗakin da shuɗi mai duhu don ƙaramin ya yi barci, ya ƙwace wa babbar kusan kashi ɗaya cikin uku na ɗan hasken da take da shi.

Amma lissafin ya tona wani asiri: ko da bango mai haske, jimillar ba ta kai lukus 50 ba, alhali 300 ake nema. Fenti ba zai cike wannan giɓi ba. Abin da zai cike shi shi ne kusanto da fitila, domin duk lokacin da aka rage nisan fitila da rabi, hasken da ke sauka a shafi yana ninkuwa huɗu. Ƙaramar fitilar caji ko ta sola mai lumen 200, wadda ke da murfi mai tattara haske ƙasa, idan aka ɗora ta santimita 40 daga littafi, za ta iya kai shafin kusa da abin da ake so. Murfin yana da amfani na biyu: yana hana hasken zuwa idon ƙanen da ke kwance.

Daga nan tsarin ɗakin ya fito da kansa. Silin fari. Bangon da gado ko katifa ke jingine da shi, da na kusa da shi, a ba su launi mai sanyi wanda aka sirka da fari sosai: shuɗin sama, ko kore-kore irin na ganyen da ƙura ta ɗan rufe, ko ruwan ƙasa mai haske. Wanne daga ciki, wannan zaɓin yaran ne, domin bambancin ba shi da yawa. Kusurwar karatu kuma, faɗin mita ɗaya da rabi a kowane ɓangare, ta kasance ruwan madara ko fari mai ɗan ɗumi. Ruwan madara ya fi fari fat jure jar ƙura. Teburin ya kasance a gefen taga, ba fuskantarta ba, don kada hasken rana ya kashe ido. Taga da fitila su kasance a hagun mai rubutu da dama, don kada inuwar hannu ta faɗa kan layi. Labule mai kauri tsakanin tebur da wurin kwana zai raba ɗakin biyu ba tare da bulo ɗaya ba.

Game da yawan fenti, bangon ɗakin nan, bayan an cire ƙofa da taga, ya kai murabba'in mita 40, silin kuma 13. Lita ɗaya ta fentin ruwa tana rufe murabba'in mita 8 zuwa 10 a shafa ɗaya, kuma shafa biyu ake yi. Bango zai ci lita 8 zuwa 10, silin kimanin 3. Bokiti ɗaya mai lita 20 na fari ya wadatar, a ɗebi rabinsa a sirka da ɗan launi. A haɗa abin da za a buƙata gaba ɗaya a lokaci guda, domin haɗi na biyu ba ya taɓa fitowa daidai da na farko. Kafin a shafe ɗakin, a gwada a faɗin kamu biyu, a bar shi ya bushe, a duba shi da rana sannan a duba shi da dare a hasken fitilar da za a riƙa amfani da ita. Ruwan madarar da ya yi kyau da hantsi yana iya komawa ruwan toka a ƙarƙashin farin ƙwai.

Inda ake yin ɓarna

Kuskure mafi yawa shi ne zaɓar fentin mai don yana wankuwa. Sheƙinsa yana mayar da hasken fitila kamar madubi, ya soki idon mai karatu. Alamar tana da sauƙin ganewa: idan aka zauna a kujerar yaron aka ga hoton ƙwai a jikin bango, sheƙin ya yi yawa. Idan ana tsoron dattin hannu, a nemi fentin ruwa mai wankuwa.

Akwai kuma abin da ya fi sheƙi haɗari. Gwaje-gwajen da aka yi wa fentin mai da ake sayarwa a Nijeriya sun sha gano dalma fiye da kima, musamman a rawaya da ruwan goro da ja masu kaifi, domin sinadarin dalma ne ake amfani da shi wajen fitar da waɗannan launuka cikin arha. Iyakar da Majalisar Ɗinkin Duniya ke ba ƙasashe shawarar ɗauka ita ce kashi 90 cikin miliyan. Mutanen wannan yanki ba su buƙatar a yi musu dogon bayani a kan dalma. A maƙwabciyar jiha, Zamfara, ta kashe yara fiye da 400 a annobar da ta bayyana a 2010, ko da yake daga sarrafa duwatsun zinariya ta fito. Ta fenti a hankali take aiki: bango ya tsufa ya ɓamɓare, garinsa ya gauraya da ƙura, yaro mai rarrafe ya kai hannu baki. Illarta kuwa a kan ƙwaƙwalwa take, a kan natsuwa da fahimta. Sai ga shi rawayar da aka shafa don ta kaifafa hankali ita ce mafi kusa da dakushe shi. Kada a goge tsohon fentin mai a bushe yara na gida. A jiƙa shi, a kwashe garin, a wanke daɓe.

Na ƙarshe shi ne gaggawa. Sabon shafen siminti yana son kimanin mako huɗu ya bushe kafin fenti. Wanda ya shafa a tsakiyar damina zai ga gindin bango ya kumbura, farin gishiri ya feso, fentin ya fara zuba. Bayan kaka, lokacin da iska ta bushe, shi ne lokacin aikin, kuma a bar ƙofa da taga a buɗe kwana biyu ko uku kafin yara su koma kwana. Mai gidan ƙasa kuwa bai yi asarar komai ba. Farar ƙasa da iyaye mata suka daɗe suna shafa wa ɗaki tana da haske, ba ta sheƙi, tana kuma barin bango ya yi numfashi. Aibinta kawai tana gogewa a tufafi, kuma tana son sabuntawa duk shekara.

Wani zai ce yaro yana da nasa ra'ayi, kuma ɗakin da yake so ya fi ɗakin da aka lissafa masa. Gaskiya ne, binciken Salford ma ya ba wa jin mallakar wuri kaso kwatankwacin na launi. Amma son yaro yana sauyawa kafin fenti ya tsufa. Jan da yake so yana da wuri a zanen gado, da tabarma, da kwandon ajiye littattafai, abubuwan da za a iya canzawa badi ba tare da an kira mai fenti ba.

Hanyar gane ko tsarin ya yi aiki ba ta buƙatar ƙwararre. A tsaya bakin ƙofa bayan Isha. Idan mai karatu tana sunkuyar da kai har hancinta ya kusa taɓa shafi, ko tana jan littafin zuwa gindin fitila, hasken ya yi kaɗan. Idan an ƙara haske ba ta daina ba, asibitin ido ne na gaba. Idan kuma ƙanenta yana kwance idonsa biyu yana bin inuwa a silin, hasken ya tsallaka inda ba a gayyace shi ba, sai a gyara murfin fitila ko a ja labule. A cikin waɗannan gyare-gyare biyu babu wanda ke buƙatar a sake sayen fenti.